Darasi: Kawar da Ƙyallin Tabarau a Hoto don Idanu Su Fito

Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukar mutum mai sanye da tabarau ya san wannan matsala. Fuska ta fito tas, hula ta zauna daidai, amma a gurbin ido ɗaya sai ka ga wani farin tabo mai siffar taga, ko zobe biyu na fitila, ko wani koren sheƙi da ya lulluɓe gilashin. Mai hoton yakan ce zai gyara a kwamfuta. Wani lokaci ya gyaru, wani lokaci kuma ya ɓata awa biyu ya fito da idon da ba na mutumin ba. Abin da ke raba waɗannan biyu tambaya ce guda: shin idon yana nan a ƙarƙashin ƙyallin, ko kuwa hasken ya cinye shi? A kan wannan tambaya darasin zai tsaya. Amma kafin mu zauna gaban kwamfuta, ya kamata mu san inda ƙyallin yake fitowa, domin wanda ya san haka yakan kashe shi tun kafin ya danna kyamara.

Daga ina ƙyallin yake zuwa?

Gilashin tabarau yana barin mafi yawan haske ya wuce, amma ba duka ba. Gilashi ko roba na yau da kullum, wanda ba a yi masa shafe ba, yakan mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo a fuskarsa ta gaba, ya kuma mayar da wani kashi 4 daga fuskarsa ta baya. Jimla wajen kashi 8 ke nan. Adadin ba shi da yawa, to amma ka tuna abin da ake kwatantawa. Fitilar ɗakin hoto, ko sararin sama da ke leƙowa ta taga, sun fi ƙwayar idon mutum haske nesa ba kusa ba. Saboda haka kashi 8 na fitila ya isa ya danne baƙin ido gaba ɗaya. Siraran gilasan nan da ake yi wa masu lamba mai ƙarfi sun ma fi haka mayar da haske idan ba a yi musu shafe ba.

Shafen da masu yin tabarau ke yi don rage ƙyalli yana sauko da wannan adadi zuwa wajen kashi 1 ko ƙasa da haka. Sai dai ragowar da yake bari mai launi ce, galibi kore ko shunayya. Tabarau da ake sayarwa don masu yawan kallon waya da kwamfuta kuwa shuɗi yake mayarwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa wani hoton ake ganin fari, wani kuma kore ko shuɗi.

Haske yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa: da kusurwar da ya faɗo, da ita yake tashi, ta ɗaya ɓangaren. Yaron da ke haska wa abokinsa rana a fuska da guntun madubi ya riga ya san wannan ƙa'ida, ko da bai san sunanta ba, domin yana juya madubin ne har sai hasken ya faɗa inda yake so. Mai hoto akasin haka yake nema. Yana so hasken da ya tashi daga gilashin ya faɗa ko'ina ban da bakin kyamararsa. Idan fitila tana kusa da kyamara, kamar filashin da ke kanta ko fitilar zobe da ake saka waya a tsakiyarta, haske zai tafi kai tsaye ya dawo kai tsaye. Babu wurin da ya fi wannan muni ga mai tabarau.

Gyara tun wurin ɗauka

Abubuwa uku ne a hannunka: fitila, gilashin, da kyamara. Motsa kowanne daga cikinsu yana sauya inda ƙyallin zai faɗa.

Fara da fitila. Ɗaga ta sama da kan mutumin, ka matsar da ita gefe, wajen digiri 45 daga layin da ke tsakaninka da shi. Hasken da ya sauko daga sama zai bugi gilashin ya nufi ƙasa, wanda ya zo daga dama zai nufi hagu. Kada ka yi hasashe. Tsaya da idonka a daidai inda kyamara take, ka sa wani ya riƙa ɗaga fitilar a hankali, za ka ga farin tabon yana hawa sama har ya ɓace a bayan firam ɗin tabarau. Nan za ka tsaya. Idan ka zarce, gira da firam za su jefa inuwa a kan ido, ka gudu daga wata matsala ka faɗa wata. Ka sani kuma fitila mai faɗi, irin mai lema ko babban akwati, tabonta mai faɗi ne, don haka ta fi ƙaramar fitila buƙatar a matsar da ita sosai. Yawancin gilasan tabarau kuma suna da ɗan tudu a gaba, shi ya sa suke kwaso hoton abubuwan da ke can gefe waɗanda ba ka zata ba: ƙofar da aka bari a buɗe, farin bango, har da farar rigar mai hoton.

Idan fitilar ba ta motsuwa, misali taga ce ko ƙwan lantarki na zauren taro, sai ka motsa gilashin. Ka roƙi mutumin ya ɗan ɗaga ƙafafun tabaran daga kan kunnuwansa, kamar faɗin yatsa ɗaya, yadda gilashin zai ɗan sunkuya. A nan akwai wani lissafi mai daɗi: idan gilashi ya karkata da digiri 10, hasken da yake mayarwa digiri 20 yake karkata, wato ninki biyu. Idan kyamara tana nesa da mita 2, wannan ya isa ya sauke ƙyallin ƙasa da fiye da santimita 70. Daga gaba ba a cika lura da an ɗaga ƙafafun ba, balle in akwai hula, ɗankwali ko hijabi. Sauke haɓa kaɗan yana yin irin wannan aiki, haka ma juya fuska daga wajen fitila. Amma ka yi hattara, domin idan haɓa ta sauka da yawa, saman firam zai ratsa ta tsakiyar ido, kuma wannan ya fi ƙyalli wahalar gyara.

Yadda za ka yi magana da mutumin ma yana cikin sana'a. Dattijo ba a kama masa kai a juya. Sai ka ce, “Baba, don Allah a ɗan sunkuyar da kai kaɗan,” ko “Hajiya, a ɗan juyo ta wajen ƙofa.” Ka kuma miƙa ƙyalle mai laushi a goge gilashin, domin maiƙon yatsa da ƙura suna watsa haske su mai da ƙaramin tabo ya zama hazo a kan gilashin duka.

Akwai filtar da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wadda za ka ga an rubuta CPL a jikin zobenta. Mutane da yawa suna saye da zaton ita ce maganin ƙyallin tabarau. Tana aiki sosai idan haske ya bugi gilashi a karkace, wajen digiri 56, kamar gilashin mota ko na shago da aka ɗauka daga gefe. Amma ga mutumin da ke fuskantar kyamara, ƙyallin kusan a miƙe yake dawowa, kuma a nan filtar ba ta yin wani abin a zo a gani, sai ma ta rage maka haske. A waje kuma ka lura da tabarau mai yin duhu da kansa idan rana ta taɓa shi. Wannan ba ƙyalli ba ne, kuma maganinsa shi ne a shiga inuwa ko ɗaki a ɗan jira ya washe.

Dabara ta ƙarshe ita ce ta fi kowacce amfani, kuma ba ta cin minti ɗaya. Bayan ka ɗauki hoton da tabarau, ka ce wa mutumin kada ya motsa kansa, wani ya zare masa tabaran a hankali, ko shi ya zare ya koma yadda yake, ka sake ɗauka nan take ba tare da ka taɓa fitila ko saitin kyamara ba. In kyamarar tana kan mazauninta mai ƙafa uku, ya fi kyau. Wannan hoto na biyu ajiya ce. Za mu ga amfaninsa nan gaba.

Duba kafin ka taɓa

Yanzu a ce an riga an ɗauki hoton, ƙyalli kuma ya shiga. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. An kawo maka hoton wani shugaban makaranta da zai yi ritaya, ana so a sa a kalandar da za a raba ranar walima. An ɗauke shi a ofis, taga tana gefe. Idon da ke hagun hoton ya fito sarai. Na dama kuwa hazo ya rufe shi, kuma a kusurwar sama ta gilashin akwai farin tabo da ya ci rabin fatar ido da ɗan gefen baƙin idon. Za mu yi aiki da Photoshop. Mai amfani da GIMP, wadda kyauta ce, zai tarar da irin waɗannan kayan aiki da sunaye makusanta.

Da farko ka nemi hoton na asali. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ƙananan bayanan da kake nema a ƙarƙashin ƙyallin sun ragu. Ka ce a turo shi a matsayin Document, ko a kawo katin kyamara. In an ɗauka a tsarin RAW, ka fara jan Highlights ƙasa, domin irin wannan fayil yakan riƙe bayani a wurin da JPEG ya riga ya zubar.

Buɗe hoton, ka danna Ctrl+J don ka sami kwafi, ka bar na ƙasa yadda yake. Sai ka danna F8, allon Info zai fito. Duk inda ka ɗora linzami, zai nuna maka lambobi uku, R, G da B, wato ja, kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Baƙi ƙirin shi ne 0, fari fat shi ne 255. Ka zagaya da linzamin cikin ƙyallin a hankali kana kallon lambobin. Inda suke hawa suna sauka yayin da kake wucewa daga fata zuwa gashin ido zuwa ƙwayar ido, to idon yana nan, hazo ne kawai a kansa, kuma za a iya fito da shi. Inda duk ukun suka tsaya cak a 255, ko dab da shi, babu komai a ƙarƙashi. Kyamara ba ta ga ido a wurin ba, taga ta gani. Ko ka duhunta wurin iya ƙarfinka, toka-toka kawai za ka samu. Irin wannan wuri sai dai a aro masa abin da za a cike shi da shi daga wani waje.

A hoton shugaban makarantar duka biyun suna nan, don haka za mu fara da hazon.

Janye hazo

Idon da ya fito lafiya shi ne ma'auninka. Ka auna wurare uku a cikinsa, ka rubuta a takarda, sannan ka auna takwarorinsu a idon da ke da hazo. Don sauƙi mu bi lambar G kaɗai. A ce ka samu haka: tsakiyar baƙin ido 20 ne a lafiyayyen, 95 a mai hazo, fatar ido 90 da 126, farin ido 200 da 216.

Dubi abin da lambobin suke faɗa. Hazon ya ɗaga baƙin ido da 75, ya ɗaga fata da 36, amma farin ido da 16 kawai. Wato ƙyalli ya fi cin wurare masu duhu, shi ya sa ya fi fitowa fili a fuskar mai duhun fata. Kuma wannan ne dalilin da ya sa rage haske gaba ɗaya ba ya aiki. Idan ka cire 75 daga ko'ina, baƙin ido zai dawo 20 daidai, amma fata za ta faɗi zuwa 51, farin ido kuma 141. Sakamakon shi ne ido ɗaya mai duhu, mai dauɗa, wanda kowa zai gane an taɓa. Abin da ake bukata shi ne kayan aikin da zai rage duhu da yawa, ya rage fari kaɗan. Sunansa Curves.

Ɗauki Lasso Tool ka zagaye wurin da hazon ya rufe, kana bin cikin firam. Ka shiga Select > Modify > Feather ka sa lamba ƙarama don gefen ya yi laushi. A hoton da fuska ta cika shi, 3 zuwa 5 yakan isa. Daga nan ka je Layer > New Adjustment Layer > Curves. Wurin da ka zagaye shi kaɗai gyaran zai shafa. A kan layin da ya ratsa akwatin ka danna ɗigo uku, kowanne ka rubuta masa lambar da ka samu a Input da lambar da kake so a Output:

```
Input 95   Output 20
Input 126  Output 90
Input 216  Output 200
```

Nan take za ka ga ƙwayar ido ta yi baƙi, gashin ido ya fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan idon mutumin ne na gaskiya, ba aro ba, kuma shi ya sa wannan hanya ta fi kowacce daraja a duk inda za ta yiwu.

Tana da farashi. Tsakanin 95 da 126 matakai 31 ne, ka kuwa shimfiɗa su a kan matakai 70. Duk wani ɗigo-ɗigon da ke ɓoye a wurin shi ma ya ninka fiye da sau biyu. Idan ka ga wurin ya yi tsakuwa-tsakuwa fiye da ɗaya idon, ka rage Opacity na wannan leya zuwa wajen 80. Ɗan ragowar ƙyalli ba aibi ba ne. A ganina ma ya fi kyau a bar shi, domin gilashi ne, kuma tabarau da babu ko ɗan sheƙi a jikinsa yakan fito tamkar firam ne kawai babu gilashi.

Matsala ta biyu ita ce hazo ba ya zama daidai wa daida. Yakan yi kauri kusa da farin tabon, ya yi siriri can nesa. Don haka bayan gyaran za ka iya ganin wani gefe ya yi duhu fiye da kima. Danna kan farin-da-baƙin akwatin da ke gefen leyar Curves, wanda ake kira Layer Mask, ka ɗauki Brush Tool mai laushi, launi baƙi, Opacity wajen 20, ka riƙa shafa wurin da ya yi duhu sannu a hankali. Baƙi yana ɓoye gyara, fari yana bayyana shi. A nan ne mafi yawan lokacin aikin yake tafiya, kuma a nan ne ake gane hannun da ya ƙware.

In ƙyallin mai launi ne, za ka gane daga lambobi: G ta ɗara sauran hawa idan kore ne, B idan shuɗi ne. Sai ka yi irin wannan awon ga kowane launi daban. A cikin Curves akwai inda aka rubuta RGB, ka canza shi zuwa Green ko Blue ka sauke wanda ya yi yawa har lambobin su kusanci na lafiyayyen idon. Hanya mafi gajarta ita ce leyar Hue/Saturation, ka zaɓi Greens ko Blues ka rage Saturation. Tana kashe launin, amma takan bar fata ta yi toka, don haka ba ta wadatar da kanta.

Cike wurin da haske ya cinye

Saura farin tabon. Ɓangaren da ya faɗa a kan fata shi ne mai sauƙi. Buɗe sabuwar leya wadda babu komai a kanta, ka ɗauki Clone Stamp Tool da harafin S, a sama ka sa Sample a kan Current & Below. Riƙe Alt ka danna kan lafiyayyar fata da ke kusa, a cikin gilashin, sannan ka saki ka shafa a kan tabon. A GIMP da Ctrl ake ɗauka. Ka riƙa sauya wurin ɗauka akai-akai, in ba haka ba alama ɗaya za ta maimaita kanta a jere, ido kuwa yana saurin kama maimaici. Ka bi layin naɗin fatar ido, kada ka ratsa shi. Healing Brush Tool yana haɗa launi da kyau a tsakiyar fata, amma idan ya kusanci baƙin firam yakan jawo duhun ya dama shi cikin fata. Kusa da firam, Clone Stamp Tool ya fi aminci.

Ɓangaren da ya ci ƙwayar ido kuwa ba a cike shi da fata. In kana da hoton nan na biyu marar tabarau, ka huta. Ɗora shi a kan na farko, ka rage masa Opacity zuwa 50 don ka riƙa hango na ƙasa, ka danna Ctrl+T ka daidaita kusurwoyin ido biyu, ta wajen hanci da ta wajen kunne, su hau kan na ƙasa. A nan ne da yawa suke mamaki, domin idon ba ya hawa daidai ko da mutumin bai motsa ba. Dalili shi ne gilashin yana sauya girman ido. Tabaran wanda ba ya hangen nesa yana ƙanƙanta ido, har za ka ga gefen fuska ya shigo ciki a bayan gilashin. Mai lamba -5 yakan rage girman ido da wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Tabaran karatu kuwa ƙara girma yake yi. Saboda haka kowane ido daban za ka daidaita shi, ka rage ko ka ƙara har ya yi daidai da yadda yake a bayan gilashin. Idan ya zauna, ka mayar da Opacity 100, ka riƙe Alt ka danna Add layer mask don leyar ta ɓuya duka, sannan ka shafa fari a kan tabon kaɗai. Kada ka bayyana idon duka in rabinsa ne ya lalace.

A misalinmu babu hoto na biyu, sai dai mu aro daga ɗaya idon. Koma kan leyar hoton, ka zagaye lafiyayyen idon da Lasso Tool, ka kwafe shi zuwa sabuwar leya da Ctrl+J, ka ɗaga ta saman sauran leyoyin, ka juya shi da Edit > Transform > Flip Horizontal, ka ja shi zuwa ɗaya gefen, ka daidaita kamar yadda aka bayyana. Wannan hanya tana da tarko biyu. Na farko shi ne ɗan farin ɗigon nan da ke cikin ƙwayar ido, wanda yake sa ido ya yi rai. Taga tana gefe ɗaya ne, don haka ɗigon yana gefe ɗaya a idanun biyu. Da ka juya idon, ɗigon ya koma ɗaya gefen. Dole ka goge shi ka mayar da shi inda ya dace. Na biyu shi ne inda mutumin yake kallo. In yana duban kyamara kai tsaye, babu damuwa. In kuwa ya ɗan karkata kallonsa gefe, idon da ka juya zai kalli akasin haka, ka mai da bawan Allah mai harara-garke. Maganin wannan shi ne ka juya fatar ido da gashin ido, amma ƙwayar idon ka kwafo ta daban ba tare da juyawa ba. A hoton shugaban makarantar, tunda gefen baƙin ido ne kawai ya tafi, kwafo ƙwayar idon a miƙe ya wadatar, kuma ɗigon hasken yana zuwa a wurinsa.

In kuwa ƙyalli ya cinye idanun biyu kuma babu wani hoto na mutumin da aka ɗauka a wannan zama, ka faɗa wa mai aikin gaskiya. Za ka iya zana ido, ko ka ɗauko na wani, amma iyalinsa za su duba su ce ba shi ba ne. A sake ɗauka ya fi.

Yadda za ka gane ko aikin ya yi

Idon da ya daɗe yana kallon abu ɗaya a kusa yakan saba da kuskure. Mayar da hoton girman 100%, sannan ka ƙanƙanta shi zuwa girman da za a buga. Kashe leyoyin gyara ka kunna su sau da yawa. Abin da ya kamata ya sauya shi ne ƙyallin kaɗai, in siffar ido ko kaurin firam ya motsa, akwai gyara. Dubi gefen firam ta ciki ko akwai wani farin zare da Feather ya bari. Dubi farin idanun biyu, kada wanda aka gyara ya fi ɗan'uwansa fari. Juya hoton duka hagu zuwa dama na ɗan lokaci shi ma yana tona karkacewar da ido ya saba da ita. Daga nan ka adana kwafi mai leyoyi a tsarin PSD, ko XCF a GIMP, ka fitar da JPEG don bugawa.

Inda ba a gyara

Duk abin da aka koya a sama na hoton biki ne, da kalanda, da fosta, da na ratayewa a bango. Hoton fasfo, biza da katin shaida dabam ne, domin da shi ake tantance mutum, kuma hukumomi ba sa karɓar wanda aka sauya wa fuska a kwamfuta. Amurka ma tun 1 ga Nuwamba, 2016 ta daina karɓar hoton fasfo ko biza da tabarau, sai ga wanda ke da takardar likita da ta nuna ba zai iya cirewa ba. Idan aka zo maka da irin wannan aiki, ka tambayi ƙa'idar hukumar da za a kai wa, in kuwa akwai shakka, a cire tabaran a ɗauka.

Aikin gwaji

Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya sa tabarau ya zauna yana fuskantar taga. Ɗauki hoto huɗu ba tare da ka bar inda kake tsaye ba: na farko yadda yake, na biyu bayan ya ɗaga ƙafafun tabaran, na uku bayan ya juya fuska daga tagar, na huɗu babu tabarau. Buɗe na farko, ka auna baƙin ido, fatar ido da farin ido a cikin ƙyallin, ka auna su kuma a na huɗu, ka rubuta lambobin shida a littafinka. Da su za ka gyara hoton farko da Curves. Sannan ka ajiye shi kusa da na biyu da na uku, ka rubuta minti nawa kowanne ya ci maka, da wanda ya fi kama da mutumin. Ku zo da hotunan da lambobin a darasi na gaba.